Ciniki na miliyan 20, amma durowa babu kuɗi: labarin Malam Habu

Sani Mai Shago:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na rubuta wani gajeren labari ne saboda abin da na gani da idona a wurin wani makwabcin shagona. Na sauya suna, na kuma daidaita alƙaluman don su yi sauƙin bi. Ku karanta a tsanake ku faɗa mini ra'ayinku.

Malam Habu yana da shagon kayan masarufi a Kasuwar Singa da ke Kano. Sukari, shinkafa, taliya, madara, man girki a jarka. A watan Sha'aban kasuwa ta buɗe masa yadda bai taɓa gani ba, domin masu ƙananan shaguna na unguwa da 'yan sarin ƙauye duk suna shirin azumi. Tun safe masu kura ke layi a ƙofarsa, sallar azahar ma sai dai a yi karɓa-karɓa. Da wata ya zo ƙarshe, ana saura 'yan kwanaki a fara azumi, ya haɗa littafinsa, ya ga ya yi cinikin naira miliyan 20. Ya cire kuɗin da ya sari kayan da ya sayar, miliyan 18 da dubu 800. Ya cire kuɗin dako, sallamar yara, abincin rana, man janareta da sauran ƙananan hidimomi, dubu 300. Abin da ya rage, dubu 900, shi ne ribarsa. Ya yi hamdala.

Washegari dilansa ya kira, ya ce motar sukari ta iso, a turo kuɗin buhu ashirin kafin a raba wa wasu. Malam Habu ya jawo durowa, ya duba asusun banki a waya, ya haɗa duka biyun: dubu 150. Ya sake ƙirgawa. Dubu 150 ɗin dai. Shi kuwa ya san da miliyan 2 ya shiga watan. Idan aka ɗora ribar dubu 900, miliyan 2 da dubu 900 ya kamata ya gani. Miliyan 2 da dubu 750 sun yi ɓatan dabo.

Daren nan bai runtsa ba. Mutum ɗaya ne ke zama a kan durowa idan ya fita, Nura, ɗan yayarsa, wanda ya riƙe tun yana aji uku na firamare. Sai ya fara tuna abubuwa: sabuwar wayar da ya gani a hannun yaron, da takalmin da ya saya ranar Juma'a. Da safe ya karɓe mukulli daga hannunsa ba tare da ya ce komai ba. Nura ya gane. Ya koma kan benci a waje ya zauna, ko abincin rana bai ci ba.

Alhaji Ado, dattijon da ke shagon kusa, ya lura da su. Bayan la'asar ya shigo ya ce, "Habu, me ya haɗa ka da yaron nan?" Da ya ji bayani sai ya ce, "Kafin ka kira yayarka, rufe ƙofa mu ƙirga. Ɗauko littafin bashi."

A farkon wata ana bin mutane miliyan 1. Yanzu ana bin su miliyan 2 da dubu 200. Alhaji Ado ya ce, "Rubuta miliyan 1 da dubu 200. Ka sa su a ciniki, ka ci ribarsu a takarda, amma suna aljihun mutane."

Suka shiga sito da tocila, buhu-buhu, katan-katan, kowanne a kan kuɗin da aka saro shi. Farkon wata kayan miliyan 8 ne, yanzu na miliyan 8 da dubu 700. "Rubuta dubu 700. Ga su nan a jingine da bango."

Sai ya tambaye shi nawa dila ke binsa. Da can miliyan 2, yanzu miliyan 1 da rabi, domin a tsakiyar wata dilan ya matsa, Malam Habu ya rage masa tsohon bashi. "Rubuta dubu 500."

"Saura gida," in ji Alhaji Ado. Nan Malam Habu ya yi shiru, don wannan ba shi da littafi. Suka yi ta tunowa: cefanen kullum da yake zara daga durowa, kuɗin makarantar yara biyu, maganin mahaifiyarsa, gudummawar bikin ƙanwar matarsa, da buhun shinkafa da jarkar man da aka kai gida. A'a, in ji Alhaji, buhun da jarkar a bar su gefe tukuna, tsabar kuɗi ake nema. Suka tsaya a dubu 310.

Da aka haɗa huɗun, miliyan 2 da dubu 710 suka fito. Saura dubu 40 da ba a gano inda suka shiga ba.

Malam Habu ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya buɗe ƙofa ya ce, "Nura, zo ka rufe shago," ya miƙa masa mukullin. Buhu ashirin na sukari kuwa, wani aka ba.

Musbahu Fagge:
Wa'alaikumus salam. Malam Sani labari ya yi, amma ni a wurina maganar gajera ce. Malam Habu bai ci riba ba. Riba ita ce abin da ka damƙa a hannunka. Mutumin da ya kasa biyan buhu ashirin na sukari, wace riba ya ci? Ya daina ba da bashi kawai, magana ta ƙare.

Maman Ilham:
Ni Nura ne ya ba ni tausayi wallahi. Yaro ya wuni bai ci abinci ba a kan abin da bai aikata ba. Ko haƙuri ba a ba shi ba a labarin.

Ɗanjuma Direba:
Ku dai bi a hankali. Akwai kuɗin da ake kawo maka a yi sayayya, kana jefa su durowa su kwashe na ciki. Ya faru da wani a garejinmu. Malam Habu ya riƙa ware kuɗin baƙuwar fuska, ya kuma dage da azkar.

Sani Mai Shago:
Malam Ɗanjuma, azkar kam wajibinmu ne kullum. Amma a nan an ga kuɗin, an nuna inda kowace naira ta kwana, in ban da dubu 40. Abin da aka ƙirga aka gani ba ya buƙatar wani bayani na ɓoye.

Lawal Akawu:
Malam Musbahu, rabin maganarka daidai ce, amma rabin da ya rage yana iya karya mutum, don haka bari in ɗan tsaya a kai.

Ka manta da ciniki gaba ɗaya, ka tambayi abu ɗaya: me Malam Habu ya mallaka a farkon wata, me ya mallaka a ƙarshe? A farko yana da tsabar miliyan 2, kayan miliyan 8, yana bin miliyan 1, ana binsa miliyan 2. Nasa na kansa miliyan 9 ke nan. A ƙarshe yana da tsabar dubu 150, kayan miliyan 8 da dubu 700, yana bin miliyan 2 da dubu 200, ana binsa miliyan 1 da rabi. Nasa ya zama miliyan 9 da dubu 550. Dukiyarsa ta ƙaru da dubu 550, bayan gida ya ci dubu 310, wasu dubu 40 kuma sun salwanta. Haɗa ukun nan ka gani, dubu 900 ne cif. To ribar gaskiya ce. Ta zo ne kawai ba a siffar takardar naira ba.

Dubi dubu 500 ɗin da ya ba dila. Kuɗi sun fita daga hannunsa, amma bai talauce da ko sisi ba, nauyin da ke wuyansa ne ya ragu. Idan muka bi ma'aunin ka, duk ranar da mutum ya biya bashi ya yi asara, duk ranar da ya ci bashi ya ci riba. Ka ga ai ba za ta yiwu ba.

Inda ka yi gaskiya shi ne, dila ba ya karɓar littafi. Mai shago yana iya rufe ƙofa alhali yana cin riba, idan ranar biya ta zo babu abin biya.

Musbahu Fagge:
To ai mun dawo kan maganata, Akawu. Bashin ne matsalar.

Hajiya Rabi Mai Atamfa:
Musbahu ɗana, da ganin maganarka ba ka taɓa zama a shago ba. Ni shekara goma sha ɗaya ina saro atamfa da leshi a Kantin Kwari ina sayarwa a gida. Kwastomomina malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti. Wace ce za ta ba ni kuɗin turmi uku a ranar 10 ga wata? Idan na ce ba bashi, gobe suna gidan makwabciyata. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ni ma ana ba ni a Kwari.

Abin da ya taɓa kai ni ƙasa ba bayar da bashin ba ne, lokacinsa ne. Wata shekara kafin ƙaramar salla na raba kaya sosai, ina murna. Mai shagon da nake ɗauka a wurinsa sati biyu ya ba ni. Su kuma matan nan biya biyu ko uku suke yi, wato wata biyu zuwa uku. Ranar da sati biyu suka cika, abin da ya shigo bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa ba. Sai da na sayar da awarwarona biyu na biya shi don kada in ɓata sunana. Kuɗin duk sun dawo daga baya, har da ribata, amma awarwaron ba su dawo ba, domin lokacin zinare ya hau.

Lawal Akawu:
Hajiya kin taɓo wurin da ya fi muhimmanci. Kuma ga abin da mutane ba sa yarda da shi sai sun gani: ga mai irin wannan sana'a, yawan ciniki shi ke ƙara shanye kuɗin hannu.

Mu ɗauki buhun sukari ɗaya, a ce an saro shi dubu 60, ana sayarwa dubu 63. Ribarsa dubu 3. Idan ka ba da shi bashi na sati uku, dubu 60 ɗinka sun tafi yawo sati uku, kuma dole ka sayo wani buhun ka ajiye a gurbinsa yau. Daga ina kuɗin sabon za su fito? Sai ka tara ribar buhu ashirin da aka biya hannu da hannu kafin ka cike gurbin wannan guda ɗaya. Yanzu duba Malam Habu: bashin da yake bi ya ƙaru da miliyan 1 da dubu 200 a watan da duk ribarsa dubu 900 ce. Bashin kaɗai ya haɗiye ribar watan, ya ƙara da dubu 300 daga cikin tsabar da ya shigo da ita. Tun kafin a zo maganar sito da dila da gida, ya riga ya fara cin kuɗin juyawarsa.

Shi ya sa ba na cewa a daina bashi. Ina cewa a yi masa iyaka, kuma iyakar a lissafe take: kada jimillar bashin da kake bi ta ƙaru a wata fiye da abin da ribar watan za ta ɗauka bayan an cire na gida. Wanda bai kawo na baya ba, ba a ɗora masa sabo. Kuma kwanakin da kake ba mutane su yi kusa da kwanakin da ake ba ka.

Maman Ilham:
Malam Lawal ni ban gane abu ɗaya ba. Me ya sa Alhaji Ado ya ce a bar buhun shinkafa da jarkar man da aka kai gida? Ai su ma an ci.

Lawal Akawu:
An ci kam, Maman Ilham, kuma dole a rubuta su. Dalilin da ya sa ya ce a jingine su shi ne a lokacin tsabar kuɗi suke bi. Amma tambayarki ta buɗe wata ƙofa. Buhun da jarkar an saye su da kuɗin shago, ba sa cikin sito da aka ƙirga, ba sa kuma cikin littafin ciniki. Ke nan kuɗinsu zai bayyana ne a matsayin giɓin da ba a san dalilinsa ba. Malam Sani, shin an dawo kansu daga baya?

Sani Mai Shago:
Ba a dawo ba a gabana. Gaskiya ni ma sai yanzu na lura.

Lawal Akawu:
To mai yiwuwa dubu 40 ɗin nan suna cikin tukunyar gidansa. Sai dai ya danganta da girman buhun da jarkar. Idan babban buhu ne mai kilo 50 da jarka mai lita 25, kuɗinsu ya wuce dubu 40 nesa ba kusa ba, wanda ke nufin akwai wani wurin da aka yi kuskuren ƙirga ta ɗaya ɓangaren.

Kabiru Sabon Gari:
Ni fa ban gamsu an wanke Nura ba. Ina da yara uku a shago, na san abin da nake faɗa. Dubu 40 a wata, a shekara dubu 480 ne. Kuma yaro mai wayo ba durowa yake taɓawa ba. Ya sayar da katan biyu na taliya bai rubuta ba, ko ya ba kwastoma lambar asusunsa a yi masa taransifa, ko ya rubuta sunan wani a littafin bashi alhali mutumin ya biya. Wannan na ƙarshen shi ya fi muni, don lissafin Alhaji Ado ba zai taɓa kama shi ba. Littafi zai nuna ana bin wane dubu 80, komai ya daidaita, sai ranar da ka je karɓa ya ce ai na ba yaronka tun sati biyu.

Maman Ilham:
Haba Malam Kabiru. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. An tashi daga miliyan 2 da dubu 750 an dawo dubu 40, har yanzu sai an liƙa wa yaro?

Kabiru Sabon Gari:
Ban ce ya ɗauka ba, 'yar'uwa. Na ce ba a tabbatar ba. Tsakanin biyun akwai bambanci.

Lawal Akawu:
Malam Kabiru ya yi gaskiya a kan littafin bashi. Alƙalamin da ke littafi da'awa ce har sai wanda ake bi ya amsa ta. Maganinsa mai sauƙi ne: ƙarshen wata mai shago da kansa ya kira manyan masu bashi biyar ko goma, ya ce wane, lissafina ya nuna kaza, haka yake a wurinka? Katan ɗin da aka sayar ba a rubuta ba kuma ƙirgar sito ke tona shi, amma da adadi, ba da kuɗi ba: katan nawa na kwana da su, nawa suka shigo, nawa littafi ya ce an sayar, nawa ya kamata su rage, nawa na tarar.

Amma zan ƙara da wannan. A cinikin miliyan 20, dubu 40 naira biyu ce a cikin kowace dubu. Canjin da aka yi kuskure, ragin da aka yi wa kwastoma a baki ba a rubuta ba, cajin banki, buhun da ya fashe aka sayar da shi a kwano, sadakar da aka miƙa a ƙofa, waɗannan kaɗai suna iya kai haka. Mutumin da shi kansa yake zarar kuɗi ba ya rubutawa ba shi da hujjar tuhumar wani a kan giɓi irin wannan. Ya fara yanka wa kansa albashi, a ce dubu 300 a wata, ya ɗauka sau ɗaya ko kowane mako, ya rubuta. Idan durowa ta zama hannu ɗaya ke fita da kuɗi a rubuce, to duk giɓin da ya bayyana yana da ma'ana.

Isuhu Ɗan Maraɗi:
Salama alaikum mutanen Kano. Ni nawa ya zo ta bayan wannan ne, kuma ya fi shi ciwo. Ina ɗauko kaya daga Kano ina kaiwa Maraɗi. Akwai shekarar da kuɗi ba su taɓa yankewa a hannuna ba. 'Yan kasuwa suna ba ni kuɗinsu tun kafin in tafi, dila a Kano kuma yana ɗaga mini ƙafa. Aljihu cike kullum. Na sayi babur, na gyara ɗaki. Ban taɓa zama na haɗa kuɗin mota da na hanya da abin da canjin sefa da naira ke ci ba. Ashe kowace tafiya faɗuwa nake kaɗan-kaɗan, kuɗin sabon mutum nake biyan tsoho da su. Ranar da mutum biyu suka ce a dawo musu da nasu a mako guda, dila kuma ya ce a kawo nasa, sai na ga babu komai nawa a ciki. Malam Habu yana da riba babu kuɗi. Ni ina da kuɗi babu riba. Shi ya kwana cikin damuwa amma jarinsa na nan, ni ina barci lafiya jarina ya ƙare.

Hajiya Rabi Mai Atamfa:
Allah Ya mayar da alheri, Malam Isuhu. Wannan ita ce amsar Musbahu.

Musbahu Fagge:
Amin. Na karɓi wannan, Hajiya, kuɗin hannu ba su ne riba ba. Amma ina da saura. Akawu ya ce kayan sito sun ƙaru da dubu 700, ya lissafa su a dukiya. Kayan ne suka ƙaru ko farashinsu? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta, mun ga lokacin da za ka sayar da kaya da safe, da yamma kuɗin ba za su sayo maka irinsu ba.

Lawal Akawu:
Wannan tambaya ce ta gaske, kuma lissafin Alhaji Ado bai amsa ta ba. Mu koma kan sukarin nan. Ka saro buhu 100 a kan dubu 60, ka sayar dubu 63, ka karɓi miliyan 6 da dubu 300. Littafi ya ce ka ci dubu 300. Ka koma wurin dila ka tarar buhu ya zama dubu 66. Duk kuɗin da ke hannunka, uwa da riba, buhu 95 za su sayo, da canjin dubu 30. Ba ka ci ko sisi a gida ba, amma buhu biyar sun bar sitonka. Ka maimaita haka sau shida ka ga yadda shago ke ramewa alhali alƙaluman naira suna ta hawa.

Don haka mai kayan masarufi ya riƙa auna jarinsa da buhu da katan, ba da naira kaɗai ba. Idan dubu 700 ɗin Malam Habu ƙarin buhuna ne na azumi, to kuɗi ne da za su dawo cikin kwanaki. Idan buhunan nan ne dai suka yi tsada, to ba za su dawo ba, sun zama kuɗin zama a kasuwa. Akwai ma na uku: idan a ciki akwai kwantai, irin katan ɗin lemo ko madarar da kwanan watanta ya kusa cika, to a takarda ne kawai suke da wannan darajar.

Kabiru Sabon Gari:
Shi ya sa ni da na ji farashi ya tashi a kamfani nake ɗaga na tsohon kaya nan take. Da kuɗin sayowa na gobe nake sayarwa, ba na jiya ba.

Maman Ilham:
Mu kuma masu saye mu mutu ke nan? Ka saro da araha, ka ji labari a waya, ka ƙara mana. In ya sauka kuma sai ku ce tsohon kaya ne, sai ya ƙare. Ga azumi, ga talaka.

Kabiru Sabon Gari:
In ya sauka kasuwa ce ke tilasta mini in sauke, don makwabcina ya kawo sabo mai araha. Wa ke raba asarar da ni a ranar?

Hajiya Rabi Mai Atamfa:
Ni tsakiya nake bi. Ina ƙarawa, amma ba na kai wa sabon farashi sai tsohon ya kusa ƙarewa. Na san ina rasa wani abu, amma matan nan tare muke zuwa biki da suna.

Malam Tukur:
Assalamu alaikum. Maganar ƙarin farashi tana da tsawo, akwai bambanci tsakanin bin farashin kasuwa da ɓoye abinci don a jira tsada, ba zan yanke ta a nan ba. Abin da ya ja hankalina shi ne ƙirgar da Alhaji Ado ya yi. Ita ce dai ƙirgar da malamanmu na Malikiyya ke koya wa ɗan kasuwar da ke juya kaya kullum idan shekara ta zagayo masa: ya haɗa tsabar kuɗinsa, ya yi wa hajarsa ƙima, ya ƙara bashin da yake sa ran za a biya shi, ya duba wanda ake binsa, in ya kai nisabi ya fitar da ɗaya cikin arba'in. Bambancin shi ne a zakka ana yi wa kaya ƙima da farashin ranar, ba da na sari ba. Ku lura da sharaɗin "wanda yake sa ran za a biya". Bashin da aka fid da rai da shi ba a sa shi cikin lissafin shekara. Kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi da ajalinsa. Yawancin littattafan bashin da nake gani akwai suna da kuɗi, babu ranar biya.

Sani Mai Shago:
Allah Ya saka, Malam. Wannan ya tuna mini abin da na bari a labarin don kada ya yi tsawo. A cikin miliyan 2 da dubu 200 ɗin nan, akwai dubu 400 na wani mai shago da ya rufe ya koma garinsu, wata huɗu ke nan wayarsa ba ta shiga. Malam Habu har yau yana lissafa su a dukiyarsa.

Lawal Akawu:
To wannan kam ba jinkiri ba ne, asara ce da ba a yarda an yi ba tukuna. Ranar da ya cire ta daga littafi, kusan rabin ribar Sha'aban ta tafi. Ya raba littafin gida uku: wanda bai kai wata ba, wanda ya kai wata ɗaya zuwa uku, da wanda ya haura. Na ukun kada ya gina wani alƙawari a kansa.

Musbahu Fagge:
Ka ga ni ma ban faɗi gaba ɗaya ba ke nan, Akawu.

Lawal Akawu:
A kan wannan dubu 400 ɗin ba ka faɗi ba.

Ɗanjuma Direba:
Malam Sani don Allah nawa buhun sukari yake yanzu a Singa? Gobe zan shigo Kano da safe.

Maman Ilham:
Ni dai har yanzu ina jira in ji ko ya ba Nura haƙuri.

Sani Mai Shago:
Malam Ɗanjuma, kira ni idan ka iso in tambayo maka. Maman Ilham, a gabana dai bai furta ba. Abin da na gani shi ne yanzu Nura ke riƙe da littafin kuɗin da ke fita, kuma ko Malam Habu ne zai ɗauki na cefane sai ya tsaya yaron ya rubuta. Maganar buhun shinkafa da jarkar man nan, gobe in Allah Ya kai mu zan tambaye shi girmansu in faɗa wa Akawu.